Martani Ga Mai Cewa Sabon Shugaba Ya Riƙe Almakashi A Hannunsa

Ina roƙon a ba ni fili in mayar da jawabi ga maƙalar da wani malami ya rubuta a wannan mujalla kwanakin baya, wadda ya yi ta domin nasiha ga mutumin da ya saba yin kowane aiki da hannunsa, sa'an nan Allah ya ɗaukaka shi ya zama shugaban waɗansu ma'aikata, har al'amari ya kai shi inda ba makawa sai ya danƙa wa waninsa wani sashe na abin da yake yi. Ban yi shakkar kyakkyawar niyyar malamin ba, kuma na shaida cewa tsoron da ya gina maganarsa a kai, wato tsoron ɓarnar dukiyar mutane da zubewar mutunci, tsoro ne na mai amana. Sai dai shawarar da ya bayar, in aka bi ta yadda ya tsara, ita ce za ta jawo ainihin ɓarnar da yake gudu, kuma wannan ne ya sa na ga shiru bai halatta gare ni ba.

Abin da malamin ya tafi a kai shi ne, kada sabon shugaba ya saki wani aiki mai nauyi sai ranar da na ƙasa da shi ya iya shi kamar yadda shi ya iya. Kafin ranar kuwa, ya wadatu da ba su aike da ƙananan hidimomi waɗanda ba su bukatar yanke shawara. Kome aka gama kuma ya biyo ta gaban idonsa kafin ya fita, in ya ga kuskure ya karɓe ya gyara da kansa, ya cire hasarar daga ladan wanda ya yi. Ya kawo misali da shagon tela, ya ce maigida ya ba yara guga da sa maɓalli da zuwa kasuwa, amma almakashi kada ya bar hannunsa. Tun da can ya kai mu, ni ma can zan tsaya, domin sana'a ce da na sani, kuma a cikinta ana ganin hukuncin mas'alar da ido, ba sai an yi dogon ta'awili ba.

Sharaɗinsa na farko ba ya bukatar a daɗe a kansa, gama shi ne abin da malaman manɗiƙi ke kira dauru: ba za a ba yaro yanka ba sai ya iya yanka, alhali kuwa ba zai iya yanka ba sai an ba shi ya yanka. Maigidan da kansa, da wanda ya koya masa ya riƙe wannan sharaɗi, da har yau yana kan guga. Wanda ya ɗora sakin aiki a kan sharaɗi mustahili, haƙiƙa ya yanke hukuncin ba zai saki ba har abada, ko da bakinsa yana cewa sai nan gaba.

Inda ya kamata a tsaya a yi tadabburi shi ne zancen wane aiki ake fara bayarwa, kuma wannan ba a warware shi da ra'ayi, sai da lissafi. Mu ƙaddara shago mai mutum shida: maigida, da teloli huɗu kowa da kekensa, da almajirin sana'a guda mai guga da maɓalli. Mu ce kowane tela yana iya haɗa kaftani da wando biyu a wuni, wato kekunan huɗu suna iya fitar da kaya takwas. Maigida yana aiki awa 10, amma awa biyu suna tafiya wajen karɓar masu kawo ɗinki da ɗaukar awonsu, biyu wajen zuwa kasuwa sayen zare da shafi da maɓalli, ɗaya da rabi wajen duba abin da aka gama, ɗaya da rabi kuma wajen ciniki da miƙa kaya da rubuta kuɗi. Abin da ya rage masa na yanka awa uku ne, kuma idan auna yadi da zana alli da yanka na kaya ɗaya suna cin rabin awa, to kaya shida yake iya yankawa. Ke nan kullum akwai kaya biyu da kekuna za su iya ɗinkawa amma ba a yanka musu ba, kuma teloli suna zaune suna hira ba don lalaci ba, sai don suna jiran hannu guda. In aka shiga watan azumi, maigida ya dubi kekunansa huɗu ya karɓi alkawarin kaya 200 na kwanakin aiki 25, abin da zai fita 150 ne, sauran 50 kuwa su ne mutanen da ke cika ƙofar shago daren Sallah, kowa ransa a ɓace, ana ba su haƙuri ana rantse-rantse. Wannan ita ce zubewar mutuncin da malamin ke tsoro, kuma ba kuskuren yaro ne ya kawo ta ba.

Guga da maɓalli da ya ce a bayar ba su ƙara ko kaya ɗaya a wannan lissafi, domin ba a nan aiki ya taru ba. Ƙa'idar da nake kira zuwa gare ta ita ce, sabon shugaba ya dubi wurin da aiki ke taruwa yana jiransa shi kaɗai, da ayyukan da ke cinye masa lokacin da zai ba wannan wuri, ya fara sakin hannu daga nan, ko da a nan ne zuciyarsa ta fi ƙin saki. Kuma sanin wurin ba shi da wuya: ya rubuta yadda awanninsa ke tafiya har mako guda, ya kuma lura da abin da yaransa suka fi cewa suna jira.

Mai lura zai ce, ai malamin ya ce a ba yaro zuwa kasuwa, kuma wannan ya mayar wa maigida awa biyu, sun isa yankan kaya huɗu. Da haka ne da na yi shiru a wannan gaɓa. Amma aiken da ya siffanta aike ne wanda ba shi da izinin zaɓi: yaro ya isa kasuwa ya tarar babu zaren da aka ce, ya bugo waya, ya tarar shafi ya ƙara kuɗi, ya bugo waya, mai kanti ya nuna masa maɓalli iri biyu, ya sake bugowa, maigida kuwa kowace waya sai ya ajiye almakashi, ya dawo ya manta ko ya riga ya ƙara rarar ɗinki a awon da ke gabansa. An ba yaro tafiyar, an riƙe shawarar, alhali shawarar ce ke cin hankali. Malamai sun daɗe da rarrabe waɗannan abubuwa biyu. Imam Mawardi, wanda ya rasu a shekara ta 450 bayan Hijira, ya kasa wazirci kashi biyu a littafinsa Al-Ahkamus Sulɗaniyya: wazircin tanfizi, wanda mai shi ke zartar da abin da sarki ya riga ya yanke kurum, da wazircin tafwili, wanda aka bar wa mai shi ya yi tadbiri da ra'ayinsa da ijtihadinsa, sarki kuwa yana bibiyar abin da ya yi. Malaminmu ya halatta na farko ya hana na biyu, alhali na biyun ne kaɗai ke sauke wa shugaba nauyi. Kuma ya tabbata a Sahihul Buhari cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba Urwatul Bariƙi dinari ɗaya ya sayo masa akuya, sai ya sayo biyu da shi, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya dawo da akuya da dinari, Annabi kuwa ya yi masa addu'ar albarka a cinikinsa. An faɗa masa abin da ake so, ba a ɗaure masa hannu a kowane taku ba.

Saboda haka idan za a ba yaro kasuwa, a ba shi ita da iyakokinta a faɗe tun farko. A ba shi kuɗin mako a hannu, da takardar abin da ake bukata, da ɗan ƙyalle daga kowane yadi domin ya gwada launin zare da kansa. A ce masa in farashi ya ƙaru da abin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba ya saya, in ya wuce ya duba wani kanti, in ko'ina haka ne ya sayi na kwana biyu ya dawo da labari. Kada ya ci bashi da sunan shago. Ranar Alhamis da yamma a zauna a yi lissafi. Cikin waɗannan iyakoki, abin da ya zaɓa ya zaɓu, ko da maigida da shi ne da wani maɓallin zai ɗauko. Da wannan awa biyun suke dawowa na gaskiya.

To, ko da sun dawo, shagon yana nan rataye da hannu guda, kuma ranar da zazzaɓi ya kwantar da maigida, ko aka yi masa rasuwa ya tafi zaman makoki na kwana uku, kekuna huɗu za su tsaya cak, mutum biyar su koma gida ba su samu na cefane ba. Wannan ya kawo mu ga almakashi, inda malamin ya fi kafewa, kuma inda hujjarsa ta fi ƙarfi, gama ya ce ɗinki idan ya karkace ana farke shi, amma yadi idan an yanka ba ya komawa. Gaskiya ya faɗa. Sai dai abin da wannan gaskiya ke hukuntawa shi ne a sa ido kafin almakashi ya sauka, ba wai a hana kowa taɓa shi ba. Shi kuwa ya ɗora dubawarsa a ƙarshen aiki, bayan an yanka an haɗa an goge, lokacin da dubawa ba ta iya ceton kome sai dai ta gano gawa.

Kafin a miƙa almakashi akwai wani aiki da ke kan maigida shi kansa, wanda malamin bai ambata ba ko kaɗan, kuma a ganina shi ne asalin yawancin ɓarnar da ake ɗora wa yara. Mutumin da ya daɗe yana yin kome da kansa, rabin iliminsa yana cikin kansa, bai taɓa bukatar ya rubuta ba. Ka buɗe littafin awonsa, za ka ga tsawon riga da kafaɗa da hannu da ƙirji da wuya, da tsawon wando da ƙugu da cinya, lambobi tsirara. Ƙirji inci 40, alal misali. Idan an ninka yadi huɗu, ana raba 40 gida huɗu a samu 10, a ƙara inci biyu na sakewa, da rabin inci na rarar ɗinki, a zana 12 da rabi. Amma maigida ya san Alhajin da ke da wannan awo ba ya son riga ta kama shi, don haka shi inci uku yake ƙara masa, ya zana 13 da rabi, kuma bai rubuta haka a ko'ina ba. Inci ɗaya a kan yadin da aka ninka huɗu kuwa inci huɗu ne a jikin mutum. Yaro ya bi littafi daidai, riga ta fito ta matse Alhaji, maigida ya ce ga shi nan, dama na faɗa ba wanda ya iya sai ni. Haka ya san wane yana da tumbi, sai an ƙara wa gaban rigarsa tsawo kada ta ɗage. Ya san wane kafaɗarsa a zube take. Ya san wannan yadin yana ƙanƙancewa in an wanke, wancan kuwa zanensa yana da sama da ƙasa, in aka juya hannu ɗaya sai ya saɓa wa ɗan'uwansa. Duk wannan dole ya fito daga kai ya shiga littafi, a buɗe wa kowane mai ɗinki layi na abin da yake so da abin da jikinsa ke bukata, a kuma rubuta rarar da shagon ke bari a gefe da kalmasa a manna a bango. Wanda ya wakilta mutum bai bayyana masa abin da ya wakilta shi a kai ba, gazawar bayani tasa ce.

Bayan haka sai a zaɓi mutum ɗaya, ba duka huɗun ba, kuma ba lalle ne ya zama wanda ya fi saurin keke ba. Wanda ake nema shi ne mai sake awo kafin ya yarda da shi, mai faɗin kuskurensa kafin a gano. A fara shi da wando, a yadi mai sauƙin kuɗi, irin kayan 'yan makaranta, domin wando ya fi riga yafiya. Sa'an nan a wuce ga kaftani bisa wannan tsari: shi ne zai shimfiɗa yadi, ya ninka, ya zana kome da alli, amma ba zai yanka ba sai maigida ya zo ya ɗora ma'auni a wurare uku, wato wuya da kafaɗa da tsawo. An zaɓi waɗannan ne saboda kuskure iri biyu ne a yanka: wanda ya bar ƙari, wannan ana rage shi, da wanda ya cinye yadi, wannan ba shi da magani. Riga in ta yi tsawo ana ɗage ta, in ta gaza ta gaza. Ramin wuya in ya yi ƙanƙanta ana faɗaɗa shi, in ya yi faɗi kwala ba za ta zauna ba har abada. Wannan dubawa ba ta wuce minti uku, maimakon rabin awa da maigida zai ci in shi ya yi duka. Idan yaro ya jera kaya goma ba a goge masa alli ba, sai a koma duba ɗaya cikin biyar, kuma a gaya masa tun ranar farko cewa haka za a yi, domin ya san dubawar mataki ce mai ƙarewa, ba tuhuma ce ta dindindin ba.

Ba zan ɓoye wa mai karatu cewa wannan yana da farashi ba, kuma rashin faɗin farashin ne ke sa sababbin shugabanni su ja da baya a makon farko. Mai koyo zai ci kamar minti 45 a kaya ɗaya, wato kaya huɗu su cinye masa awa uku, kuma awannin nan daga kekensa aka ɗebe su, don haka abin da shago ke iya haɗawa zai sauko daga takwas zuwa bakwai. Maigida zai tsaya yana kallon ana yin a hankali abin da shi zai gama cikin ƙiftawar ido, hannunsa yana ƙaiƙayi. A nan nake ba malamin gaskiya a abu guda: wanda ya fara wannan a cikin azumi, ga alkawura sun taru, ya zalunci kansa da yaron da masu kaya. Lokacinsa shi ne bayan Babbar Sallah, sa'ad da aiki ya lafa har kekuna ba su cika ba dama, ta yadda kaya ɗayan da aka rasa ba a rasa shi a haƙiƙa ba. Daga farkon Muharram zuwa farkon Ramadan wata takwas ne, sun isa mai hankali ya ƙware a wando da kaftani, sun kuma isa a ɗaga almajirin guga a ɗora shi a keke ya cike gurbin da aka buɗe.

Haka kuma ban ce a saki kome ba. Babbar riga, wadda cikakken kayanta ke cin yadi 10, da shadda mai tsada irin gezna, da kayan ango waɗanda ranarsu ba ta ɗaguwa, da yadin da mai shi ya kawo a takure har sai an yi dabara kafin ya isa, waɗannan su zauna a hannun maigida a shekarar farko, kuma a faɗi haka a fili domin yaro ya san inda izininsa ya ƙare.

Saura maganar da ta fi damuna a maƙalar, wato cewa in an yi kuskure shugaba ya karɓe aikin ya gyara da kansa, ya kuma cire hasara daga ladan yaro. Game da cire lada, ina tunatar da malamin abin da ya fi ni sani. A mazhabar Imamu Malik, mai sana'ar da ya kafa kansa domin jama'a, kamar tela da marini, shi ke lamunin kayan da ya karɓa ya yi aiki a kansu ba a gaban mai su ba, kuma wannan yana cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani wadda ake karantawa a zaurukanmu. Amma ɗan ƙwadagon da ke aiki a ƙarƙashin mai sana'ar amintacce ne, Muhtasar na Shaihu Halil ya lissafa shi cikin waɗanda ba su lamuni, sai fa in ya yi ta'addi ko sakaci. Ma'anar wannan a shagonmu ita ce, Alhaji maigida ya ba yadinsa, maigida zai tuhuma, kuma maigida ba shi da ikon ya ce ai yaro ne ya yanka. Aiki yana wakiltuwa, alhaki a gaban mai kaya ba ya wakiltuwa. Tsakanin maigida da yaro kuwa wajibi ne a rarrabe. In ya ɗauki gezna ya yanka alhali an hana shi, ya yi ta'addi. In ya yanka bai duba littafi ba, ya yi sakaci. Waɗannan suna da hukunci. Amma in ya bi littafi, ya tsaya cikin iyakarsa, ya yi iya ƙoƙarinsa, kuskure ya auku, to wannan hasara ce ta shago, kuɗin koyo ne, kuma maigida mai hankali yakan ware mata wani abu tun kafin ta zo. Wanda aka yanke wa lada a kan irin wannan ba zai koyi yanka ba. Abin da zai koya shi ne ɓoye ƙyallen da ya ɓaci a ƙarƙashin tebur, da ƙin taɓa duk abin da ke da haɗari.

Karɓe aiki kuma illarsa ta fi ta cire lada ɓoyuwa. Yaro ya zo ya ce, Maigida, wannan yadin kamar ba zai isa ba. Maigida ya ce kawo, ya karɓi alli, cikin minti biyar ya fitar da hannuwa daga gefe, ya ji daɗin gwanintarsa. Ya warware matsalar yau, ya kuma koya wa yaro cewa duk abu mai wuya mayar da shi ake yi. Abin da ya dace ya ce shi ne, kai yaya kake ganin za a yi, zana mu gani. In zanen ya yi, ya ce yanka. In bai yi ba, ya nuna masa inda ya kauce, allin kuwa yana hannun yaro har a gama. Mafi muni daga wannan shi ne maigidan da ke dawowa da dare ya farke aikin yaro ya sake shi a ɓoye, domin ya haɗa wahalar yi da kansa da hasarar lokacin yaro, kuma ranar da yaron ya gane, ba zai sake sa zuciyarsa a aikin ba. Ya kamata kuma maigida ya tambayi kansa, kafin ya ce an yi kuskure, shin abin ya saɓa wa awo da abin da mai kaya ya nema, ko kuwa ya saɓa wa yadda shi ya saba yi ne kurum. Da yawa daga abin da gwanaye ke kira kuskure bambancin hannu ne, mai rigar ba zai taɓa lura da shi ba.

Akwai alamu da shugaba zai gane da su ko wakilcinsa ya kama ko bai kama ba. In bayan wata guda wakili yana tambaya a kan abin da aka riga aka ba shi izini, to bai gaskata izinin ba, kuma galibi dalili shi ne an taɓa warware masa hukunci a gaban mutane. In kuwa ba ya tambayar kome sam, har a yadin da bai taɓa gani ba, wannan ya fi ban tsoro, gama tsoro ne ya rufe masa baki. In sauran teloli suna tsallake shi su kawo wa maigida abin da ya yanka domin a tabbatar, ko masu kaya suna cewa su dai Maigida suke so ya taɓa musu, to ba a sanar da wakilcin ba. Maganinsa maigida ya tara yaransa ya faɗa da bakinsa cewa daga yau wando da kaftani wane ke yankawa, mai magana a kansu ya same shi. Mai kaya kuma ya ce masa, na amince da hannunsa, in an samu matsala ni zan biya. Wannan kalma ta ƙarshe ita ce ke kwantar da hankalin mai kaya da na yaro gaba ɗaya.

Malamin ya rufe maƙalarsa da cewa shugaban da ya saki babban aikinsa ya saki darajarsa, yara za su raina shi, wanda ya koya wa yanka kuma gobe zai buɗe nasa shago ya kwashe masa mutane. Na farko tarihinmu ya ƙaryata shi: Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ba masu tuta izinin tafiyar da ƙasashensu, a shekarar 1812 kuma ya raba tafiyar da mulki tsakanin ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, ya duƙufa ga karantarwa da wallafa har wafatinsa a 1817, ba wanda ya ce darajarsa ta ragu da haka. Na biyu kuwa zai iya faruwa, ban musa ba. Amma yaron da aka hana yanka shi ma tafiya yake yi, ya je inda za a koya masa, sai dai ya tafi da ƙulli a zuci, alhali wanda aka yaye da albarka yakan zama wurin da maigida ke tura ragowar aiki idan Sallah ta matso.

Ina roƙon malamin, don girman Allah, idan zai sake ɗaukar alƙalami a kan wannan mas'ala, ya zo mana da lissafin shagon da ya kawo misali: kaya nawa kekunansa ke iya haɗawa a wuni, nawa maigida ke yankawa, kuma me ake ɗinkawa ranar da ba ya nan. Mai karatu kuma da wannan hali ya same shi, ko a shago yake ko a ofis ko a makaranta, ya fara da rubuta awanninsa na mako guda, ya cike littafinsa da abin da ke kansa, ya zaɓi mutum ɗaya, kada ya bari sai aiki ya taso.